Yadda Ake Bin Sawun Kiret, Kujeru da Tukunyar Gas da Suka Fita Daga Shago

Ina da shago a gefen Titin Bauchi a nan Jos. Ina sayar da lemon kwalba kiret-kiret, ina ba da hayar kujerun roba, akwai kuma tukwanen gas goma sha biyu da nake bai wa masu abinci da masu hidimar biki. Shekarun farko duk a ka nake riƙe lissafi, sai wata 'yar takarda da nake soke wa a jikin ƙusa. Ranar da motar dila ta zo ɗaukar fanko aka ƙirga aka ga kiret goma sha ɗaya babu, na zauna a kan benci ina ta jero sunaye a zuci, amma ko mutum ɗaya ban iya tunkara na ce naka ne ba, domin ba ni da rana, ba ni da adadi. Daga aljihuna na biya. Babu wanda ya sace min komai. Kayan suna nan a bayan ɗakunan girkin mutane a Unguwar Rogo da Gangare da Rikkos, kowa ya ɗauka ya riga ya mayar.

Tsarin da zan shimfiɗa a nan shi ne wanda nake bi tun daga lokacin. Tushensa abu ɗaya ne: duk fitar kaya tana da layinta a littafi, kuma layin ba ya rufuwa sai an rubuta ranar da na ƙarshen kayan ya shigo shago.

Raba kayanka gida biyu kafin ka sayi littafi

Akwai kayan ƙirga, akwai kayan shaida. Kiret da kwalba da kujerar roba kayan ƙirga ne: in mutum ya ɗauki goma ya kawo goma irinsu masu lafiya, magana ta ƙare, ba ruwanka da ko su ne ainihin waɗanda suka fita. Tukunyar gas da janareta da sikeli da baro kayan shaida ne. Naka kake so ya dawo, ba mai kama da shi ba, domin tsohuwar tukunya mai tsatsa a gindi da sabuwa duk launinsu ɗaya daga nesa.

Kayan shaida kowanne sai ya sami lamba. Nawa na rubuta musu da fentin mai, T-01 har T-12, a kafaɗa da kuma gindi. Amma fenti yana gogewa, ana kuma iya shafe shi, saboda haka a shafin farko na littafi na kwafe abin da kamfani ya buga a jikin ƙarfen marikin kowace tukunya: lambarta, shekarar da aka ƙera ta, da nauyinta in babu gas, wanda yawanci za ka gan shi bayan haruffan `TW`. Wannan nauyin ba ɗaya ba ne a duk tukwane, ko da duk masu cin kilo 12.5 ne. Shekarar ƙira ma tana da amfani, tunda hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta sa wa tukunyar gas wa'adin shekara 15. In aka musanya maka taka mai shekara uku da mai shekara goma sha uku, an cuce ka ko da babu wanda ya yi niyya.

A wannan shafin na farko ne kuma za ka rubuta jimlar kayan ƙirga da ranar da ka ƙirga su. Ka zaɓi ranar da shago ya yi shiru, ka ƙirga da hannunka, cikakku da fanko, sannan ka bi waɗanda ka san suna riƙe da kayanka ka tabbatar da adadi baki da baki. In ka fara littafi da lambar da ba daidai ba, duk lissafin da zai biyo baya a karkace zai tafi.

Yadda ake ja wa littafin layi

Ka sami babban littafi mai bangon kwali, ka buɗe shafi biyu masu kallon juna. Na hagu na fita ne, na dama na dawowa. Da rula da biro za ka yi aiki, ban da fensir.

A hagu ka ja gurbi takwas: lambar layi, ranar fita, sunan mai karɓa da unguwarsa da lambar waya, wanda ya zo ɗauka in ba shi da kansa ba ne, irin kaya, adadi ko lambar shaida, ranar alkawari, sai kuɗin jingina da sa hannu. A dama kuma: ranar dawowa, adadin da ya dawo, halin da ya dawo, saura, da wanda ya karɓa a shago. Ka bar wa kowace fita sarari kamar layi uku a dama, domin kaya da wuya su dawo a tashi ɗaya.

Gurbin wanda ya zo ɗauka mutane suna raina shi. Galibi Hajiya ba ta zuwa da kanta, yaronta ne zai zo da mai keke ko mai baro. Bayan mako biyu in ta ce ita kiret takwas ta gani, abin da zai raba gardama shi ne ka ce wane ne ya ɗauka, ga sa hannunsa, a kira shi.

Ranar alkawari kuwa ita ce ran littafin. Kada ka yarda da "bayan biki" ko "cikin mako" ko "in Allah ya kai mu jibi-jibi". Ka ce to, Allah ya kai mu, Litinin ke nan, 8 ga wata, ka rubuta a gabansa. In babu wannan ranar babu ta yadda za ka san kaya sun makara, kuma kayan da ba a san sun makara ba, ba a tambayarsu har sai an manta wanda ya ɗauka. Ka rubuta rana da wata da shekara cikakke, 4/12/2025, domin littafi yakan tsallaka shekara.

Kowane irin kaya layinsa daban, ko da mutum ɗaya ne ya ɗauka a lokaci ɗaya. In ka cusa kiret da kujera da tukunya a layi guda, ranar da biyu suka dawo ɗaya ya rage, hannunka zai yi maka gaggawar soke layin gaba ɗaya.

Maganar jingina

Ma'auninta shi ne abin da za ka kashe yau in za ka maye gurbin kayan, ba abin da ka saye su da shi bara ba. In jinginar tukunya ta gaza kuɗin sabuwa, ka sayar da tukunyarka da araha ne ba ka sani ba. Ga wanda ya kwashi kaya da yawa ba kullum ake iya karɓar cikakken kuɗi ba, sai a karɓi abin da zai rufe asarar da aka saba gani, a rubuta. Kuɗin kuma ba naka ba ne. Ni ina da gwangwanin da nake ajiye shi daban da na ciniki, don na taɓa juya shi a sari, mai kaya ya dawo da yamma ina ta kame-kame.

Akwai wanda ba ka iya tambayarsa jingina: surukinka, liman, maƙwabcin da kuke sahu ɗaya a masallaci. Shi ma ka rubuta shi, gurbin jingina ka sa "babu". In ya ce Malam, yanzu har ni za a rubuta, amsata ita ce: Baba, ba don kai ba ne, don yaran shago ne da mantuwata. Kuma ayar bashi a ƙarshen Suratul Baƙara, aya ta 282, rubutawa ta yi umarni da shi tsakanin muminai, ba tsakanin maƙiya ba. Ban taɓa ganin dattijon da ya ci gaba da ƙorafi bayan wannan ba.

Misali daga fita har rufewa

Wata mai abinci da muka daɗe muna hulɗa ta karɓi aikin walima a watan Disamba, lokacin da sanyin Jos ke kan ganiyarsa kuma bukukuwa sun yi yawa. Ranar Alhamis 4/12/2025 yaronta ya zo da keke biyu. Na buɗe mata layi uku.

Layi na 211: lemo kiret 10, kwalba 240, tunda kowane kiret na ƙananan kwalabe 24 yake ci. Layi na 212: kujerun roba 40. Layi na 213: tukunya T-07 da kanta da tiyonta. Kafin a ɗora ta na aza ta a sikeli a gaban yaron, ta nuna kilo 26.4. Nauyinta fanko 13.9 ne, ka ga cike take da kilo 12.5. Na rubuta duka lambobin biyu. Ranar alkawari ga duka ukun Litinin 8/12. Jingina naira 50,000. Yaron ya sa hannu sau uku, na ɗauki hoton shafin na tura mata a waya nan take, ta amsa da "na gani". Wannan amsar tata ita ce rasiɗi.

Ranar Litinin aka kawo kiret 7 da kujeru 38. A nan ne yawancin masu shago ke yin asara, domin an saba a ƙirga kiret a tsaye a jere, a ce bakwai, a shigar. Kiret na sama kawai ido ke gani. Ni sai an sauke kowanne ƙasa. Kiret 7 ya kamata ya ba da kwalba 168. Na tarar da gurbi huɗu babu komai, uku kuma kwalaben wani kamfani ne da dilana ba zai karɓa ba. Tawa ke nan 161. Na mayar wa yaron baƙin ukun a leda. Cikin kujeru kuma ɗaya ƙafarta ta baya ta tsage, an cusa ta tsakiyar jeri, ba za ka gani ba sai ka zare su ɗaya bayan ɗaya.

Ga abin da na rubuta a dama. Layi na 211: 8/12, kiret 7, kwalba 161, saura kiret 3 da kwalba 79. Layi na 212: 8/12, kujera 38, ɗaya karyayya, saura 2. Layi na 213 ban taɓa shi ba. Ban soke komai ba, ban kuma gyara lambar hagu ba. Abin da ya fita ya fita, ba a sake shi.

Washegari Talata na kira ta. Ba na wuce kwana ɗaya bayan ranar alkawari ban kira ba, domin a lokacin kayan suna nan inda aka yi taro, ba a kai ga rarraba su ba. Na ce, Hajiya, an tashi lafiya, ya gajiyar hidima? Akwai kiret uku da kujera biyu da tukunya. Ta ce wallahi ta ɗauka yara sun kwashe duka, amma Alhamis za ta aiko. Na rubuta 11/12 a ƙarƙashin 8/12, ban goge ta farko ba. Wanda gurbinsa ya tara ranaku uku ko huɗu a jere, littafi ya riga ya gaya maka yadda za ka yi da shi nan gaba.

Ranar Alhamis aka kawo kiret 3 cike da kwalba 72, da wasu 3 a leda, 75 ke nan. Ka haɗa da 161, ya zama 236, saura 4 da ta ce sun fashe. Kujeru biyu suka dawo lafiya. Sai tukunya. Launi ɗaya, girma ɗaya, amma babu T-07 a kafaɗarta, kuma marikinta 14.6 aka buga, ba 13.9 ba. Yaron ya rantse ita ce. Na buɗe shafin farko na nuna masa, sannan na ƙi karɓa. Wannan wajen ka riƙe shi da kyau: in ka karɓi baƙuwar tukunya "kafin a nemo taka", neman ya ƙare daga ranar. Ashe maƙwabciyar gidan walimar ita ma ta ba da aron tata, aka yi musaya wajen kwashe kaya.

Ranar Asabar 13/12 T-07 ta iso da kanta da tiyonta. Na cire kan na aza ta a sikeli, 17.9. In ka cire 13.9, gas kilo 4 ya rage, an ƙona 8.5. Na shafa ruwan kumfar sabulu a bakinta da wuyanta don in ga ko za ta yi ƙwai-ƙwai, alamar yoyo, ba ta yi ba. Sannan muka zauna lissafi. Mu ɗauka don misali kwalba naira 150 ce, kujera 7,000, gas kilo 1,200: kwalba 4 sun kama 600, kujera 7,000, gas 10,200, jimla 17,800. Na mayar mata 32,200 daga jinginarta, kuɗin haya da na lemo dama an biya tun farko. Sai a lokacin na ja jan layi a kan 211 da 212 da 213, siriri yadda rubutun ƙasa zai karantu.

Masu ɗauka kullum

Mai shayin bakin titi da ke ɗaukar kiret biyu kowace safiya ya kawo fanko biyu, in ka ce za ka buɗe masa layi kullum, littafin ba zai yi wata ba. Shi shafi guda za ka ware masa a bayan littafi, da gurbi huɗu: rana, ya ɗauka, ya kawo, abin da ke hannunsa. Yau ya ɗauki 2 ya kawo 2, hannunsa 2. Gobe ya ɗauki 3 ya kawo 1, hannunsa 4. Ka yanka masa iyaka tun farko, a ce 5, in ya kai nan babu sabon ɗauka sai fanko ya shigo.

In kuma mutum yana da layi biyu a buɗe na kaya iri ɗaya, ya kawo wani abu, tsohon layin za ka fara cikewa. In ka rufe sabon ka bar tsohon, bashin kiret ɗin zai yi ta tsufa har ya koma shafin da ba ka buɗewa.

Dila ma shafinsa daban, domin a wajensa kai ne mai ɗauka. Kowace mota ta zo, ka rubuta cikakku nawa aka sauke, fanko nawa aka ɗora, direba ya sa hannu kafin ya tada mota.

Ƙirgar mako

Littafi yana gaya maka abin da aka rubuta ne kawai. Abin da ba a rubuta ba, ƙirga ce ke tono shi. Kowace Juma'a da safe kafin a tafi masallaci nake yi: abin da ke shago, a tara da duk "saura" na layukan da ba a ja wa ja ba da na shafukan masu ɗauka kullum, dole ya yi daidai da jimlar shafin farko.

Wata Juma'a jimlata kiret 120 ce. Na ƙirga cikakku 46, fanko 39, littafi ya ce 31 na waje. Ya kama 116, huɗu babu. Da yake Juma'ar da ta wuce lissafi ya fito daidai, kwana bakwai kawai zan bincika. Na tambayi yaron shago, ya ɗan yi shiru, sai ya tuna ranar Laraba ina Taminus wajen sari wani maƙwabci ya karɓi huɗu don suna, ya ce zai gaya min da kansa. Kafin la'asar sun dawo. Da wata uku na yi ban ƙirga ba, ko yaron ba zai tuna ba. In lissafi ya yi rara maimakon giɓi, shi ma kuskure ne: wani ya mayar da kaya ba a rubuta ba, kuma kana shirin tambayar mutum abin da ya riga ya kawo, wanda ya fi asarar kiret zafi.

Daga wannan ranar na ɗaure littafin da igiya a jikin teburin bakin ƙofa, biro a maƙale. Dokar shagon ita ce a rubuta kafin a ɗora a keke, ba bayan keke ya tafi ba.

In kana son sa shi a waya ko kwamfuta

Layukan da ke buɗe in suka haura talatin, ido yana tsallake wasu. A nan `Excel` ko `Google Sheets` ke taimakawa, amma ni ban bar littafi ba, don shi ke da sa hannu, kuma ba ruwansa da caji. Da dare nake kwafewa. Jerin shi ne: `A` lamba, `B` ranar fita, `C` suna, `D` kaya, `E` adadi, `F` ranar alkawari, `G` jimlar abin da ya dawo, `H` ranar dawowa ta ƙarshe, `I` saura, `J` kwanakin makara. A `I2` da `J2` ka sa waɗannan, ka ja su ƙasa, na ukun kuma a wani gurbi a gefe don ya ba ka jimlar kiret da ke waje:

```
=E2-G2
=IF(I2>0,MAX(0,TODAY()-F2),0)
=SUMIF(D:D,"kiret",I:I)
```

Tarko biyu ne a nan. Na farko rana. Mu rana muke fara rubutawa sannan wata, amma in takardar tana kan tsarin Amurka, 8/12/2025 za ta karanta shi 12 ga Agusta. Ranar 15 ga Disamba sai ka ga ta ce mutum ya makara kwana 125 maimakon 7. In kuma ka rubuta 15/12/2025, tunda babu wata na goma sha biyar, sai ta ɗauke shi rubutu kawai, ya jingina hagu a gurbinsa, lissafin ya nuna `#VALUE!`. A `Google Sheets` maganinsa shi ne ka shiga `File`, `Settings`, ka mayar da `Locale` zuwa `United Kingdom` tun kafin ka fara shigar da ranaku, waɗanda ka riga ka shigar kuma ka sake rubuta su.

Na biyu sunan kaya. In yau ka rubuta kiret, gobe kirat, jibi kiret ɗin lemo, `SUMIF` na farkon kaɗai zai tara, jimlar waje ta fito ƙasa da gaskiya, ka shiga neman kayan da ba su ɓata ba. Ka tsayar da suna ɗaya ga kowane kaya, ka rubuta jerin a saman takardar. Tukwane kuma a gurbin `D` lambar shaidarsu za ka sa, T-07, adadi 1, ta yadda in ka nemi T-07 za ka ga duk gidajen da ta shiga da kwanakin da ta yi a kowanne.